Gashin da Ya Tsaya a Kafaɗa: Nazarin Lamarin Wata Maijego

Matar da wannan nazari ya shafa tana da shekara 29, kuma ta je wurin likitan fata wata huɗu bayan haihuwarta ta biyu, ɗauke da ƙorafi guda biyu waɗanda ta ɗauka abu ɗaya ne. Na farko shi ne gashinta yana zuba fiye da yadda ta saba gani, har ta kai ga duk lokacin da aka yi mata tsifa sai a tara abin da ya cika tafin hannu. Na biyu ya girmi na farko da shekaru: tun kafin ta yi aure gashin nata bai taɓa wuce kafaɗa ba, duk da cewa ba ta aske shi, kuma ta gwada man shanu, man kwakwa, man kaɗanya da magungunan da ake tallatawa da sunan masu ƙara tsawo. A fahimtarta, gashin ya daɗe da daina tsiro, yanzu kuma ya fara mutuwa daga tushe. Binciken da aka yi mata ya nuna cewa ƙorafin biyu ba su da tushe guda, kuma ba za a iya raba su ba sai an san yadda kowane silin gashi yake rayuwa tun daga fitowarsa har faɗuwarsa.

Abin da ta faɗa da abin da aka gani

Tarihin da ta bayar ya ƙunshi bayanai da suka yi amfani sosai daga baya. A lokacin da take da ciki gashinta ya yi kauri da cika fiye da kowane lokaci, har makitsiyarta ta yi magana a kai. Ta haihu lafiya, sai dai ta zubar da jini da ɗan yawa, kuma ta daina shan ƙwayoyin ƙarin jini da zarar ta yi arba'in. Zubar gashin ba ta fara a lokacin jego ba, sai da jaririn ya kusa wata uku, lokacin da ta riga ta koma ɗakinta ta kuma canza man da take shafawa, don haka zarginta ya tafi kai tsaye kan sabon man. Shekara da shekaru tana saka man miƙar da gashi duk bayan wata biyu zuwa uku, ta dakata lokacin goyon ciki, ta sake sakawa sau ɗaya bayan jego, mako 12 kafin zuwanta asibiti. Kitson da ta fi so shi ne ƙananan shuku, kuma takan bar shi mako huɗu.

Da aka duba fatar kan, ba a ga ja, ƙuraje, ɓawo ko wani fili da ya zama sanƙo ba. Gashin ya ragu ko'ina a kan, ya ɗan fi raguwa a gefen goshi biyu, amma ramukan da gashi ke fitowa suna nan a buɗe. Likitan ya kama sili kimanin 50 tsakanin yatsunsa ya ja a hankali daga kusa da fata, sai takwas suka biyo hannunsa ba tare da ta ji zafi ba, alhali a kai mai lafiya abin da ke biyowa ba ya wuce kaɗan, kuma an saba ɗaukar abin da ya haura kashi 10 cikin 100 a matsayin alamar zuba mai yawa. Daga nan ya nemi ta buɗe ledar da ta zo da ita, wadda ta tara gashin tsifarta ta ƙarshe a ciki, ya baza shi a kan farar takarda ƙarƙashin fitila, ya ce mata: “Hajiya, matso ki duba bakin kowane sili da kanki.”

Gashin ya rabu kashi biyu a fili. Kashi na farko dogaye ne, cikakkun silai, kowanne da ɗan farin ƙulli busasshe a ƙarshensa ɗaya wanda bai kai ƙwayar gero ba. Kashi na biyu gajerun guntaye ne, daga santimita 1 zuwa 5, babu ƙulli a kowane ɓangare, wasu bakinsu ya tsage gida biyu, wasu kuma sun ƙulle kansu a tsakiya. Kashi na farko ya faɗo ne daga tushe, na biyu kuwa karyewa ya yi a hanya. Wannan takarda guda ta ƙunshi amsar ƙorafinta duka biyu.

Zango uku na rayuwar silin gashi

A kan mutum akwai tushen gashi kimanin 100,000, kuma an haife shi da su gaba ɗaya, ba a ƙara sababbi bayan haihuwa. Kowane tushe ɗan rami ne da ya nutse milimita kaɗan cikin fata, kuma a can ƙasansa akwai wani ɗan curin nama mai jijiyoyin jini wanda yake ba da umarnin tsiro, kewaye da ƙwayoyin halitta da suke cikin mafi saurin rabuwa a jikin ɗan Adam. Ƙwayoyin da aka samar sababbi suna tura na gabansu sama, waɗannan su cika da wani furotin mai tauri da ake kira keratin, su mutu, su fito a matsayin silin da ake gani. Saboda haka duk abin da ya fito waje daga fata ba shi da rai, ba ya jin abinci, ba ya warkewa idan ya tsage, kuma ba ya aika wa tushe labarin tsawon da ya kai.

Tushen ba ya aiki babu tsayawa. Yana bin zango uku, waɗanda likitoci suke kira anajin, katajin da telojin. Na farko shi ne zangon tsiro, kuma a fatar kai yakan ɗauki shekara 2 zuwa 6, wasu mutane ma fiye da haka. A kowane lokaci kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na gashin kai suna cikin wannan zango. Idan aka cire sili a wannan mataki da ƙarfi, za a ji zafi, kuma ƙarshensa zai fito da laushi, da duhun launi, sau da yawa da wata 'yar riga mai sheƙi a jikinsa.

Zango na biyu shi ne na sauyi, kuma gajere ne ƙwarai, mako 2 zuwa 3 kawai, shi ya sa gashin da ke cikinsa a lokaci guda ba ya wuce kashi 1 ko 2 cikin 100. Duk da gajartarsa, a nan ne ake yanke hukuncin tsawo. Ƙwayoyin da ke samar da launi su ne suke fara dakatawa, sannan rabuwar ƙwayoyin da ke gina silin ta tsaya, ɓangaren ƙasa na tushen ya tsuke ta hanyar mutuwar ƙwayoyi bisa tsari, ya janye zuwa sama. Ƙarshen silin yana dunƙulewa ya taurare, kuma tun da launi ya riga ya tsaya kafin a gama gina shi, sai ya fito fari. Wannan shi ne farin ƙullin da matar ta gani a kan takarda. Mutane da yawa suna tsorata da shi, suna zaton saiwar ce ta tumɓuke, alhali tushen da kansa yana nan cikin fata, da curin naman da ke ba da umarni, da kuma ma'ajiyar ƙwayoyin asali masu sake gina tushen da ke gefen ramin, wadda binciken likitan fata George Cotsarelis da abokan aikinsa ya nuna wurinta a shekarar 1990.

Zango na uku shi ne na hutu, kimanin wata 3. Silin yana nan maƙale a ramin, ana taje shi ana kitse shi tare da sauran, amma ba ya ƙaruwa ko da milimita ɗaya. A ƙarshen hutun tushen yana farkawa, ya sake nutsewa ƙasa, ya fara gina sabon sili, tsohon kuma ya saki ya faɗi, yawanci wajen wanka, taza ko tsifa. Abin da ya sa mutum ba ya wayar gari da sanƙo duk bayan wasu shekaru shi ne kowane tushe yana bin nasa lokaci daban da na maƙwabcinsa, saɓanin dabbobi da yawa da suke zubar da gashinsu gaba ɗaya idan yanayi ya sauya.

Daga waɗannan alƙaluma ana iya gane adadin da ya kamata ya riƙa faɗuwa kullum. Idan zagaye guda ya ɗauki shekara huɗu, wato kwana 1,460, to raba sili 100,000 a kan waɗannan kwanaki zai ba da kusan 68 a rana, wanda ya faɗa cikin 50 zuwa 100 da aka sani a matsayin zubar da ba ta da illa. Ga mace mai kitso wannan lissafi yana da wani ƙarin amfani da ba a cika faɗa mata ba. Silin da ya saki yana nan riƙe cikin kitson, ba ya samun hanyar faɗuwa, don haka kitson mako huɗu zai tara abin da ya kusa sili 2,000, kuma duka za su fito rana guda a hannun mai tsifa, ko da kan lafiyarsa ƙalau. Curin gashi ranar tsifa shi kaɗai ba hujjar ciwo ba ne. Abin da ake dubawa shi ne ko ya ƙaru a kan yadda aka saba gani bayan kitso mai irin wannan daɗewa, kuma a lamarin matar nan ya ninka.

Ƙorafi na farko: dalilin da zubar ta jira wata uku

A lokacin ciki, yawan sinadarin mata da ake kira istirojin a jini yana riƙe tushen gashi da yawa a zangon tsiro fiye da wa'adinsu, shi ya sa zuba take raguwa, kai ya cika. Bayan haihuwa sinadarin yana sauka cikin kwanaki kaɗan, sai duk waɗanda aka riƙe su shiga zangon sauyi kusan tare, su wuce zuwa hutu. A wannan lokaci babu abin da ake gani, domin silin da ke hutu yana nan daram a wurinsa. Sai hutun ya cika, bayan wata 2 zuwa 4, sannan su saki tare. Likitan fata Albert Kligman ne ya bayyana wannan nau'in zuba a shekarar 1961, kuma haihuwa ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da ke jawo ta. Zazzaɓi mai zafi irin na cizon sauro ko taifot, babban aikin tiyata, zubar jini, rama ta gaggawa da tashin hankali mai tsanani duk suna iya tura kaso mai yawa na gashin kai zuwa hutu a lokaci guda.

Wannan jinkiri shi ne yake ɓatar da mutane, kuma a ganina shi ne abu mafi amfani da ya kamata kowa ya riƙe game da zubar gashi. Wanda gashinsa ya fara zuba yau yakan duba abin da ya canza a makon nan, man shafawa ko sabulu ko ruwan sabuwar unguwa, alhali amsar tana can wata uku baya. Man da matar nan ta zarga ya shigo ne lokacin da silan suka riga suka yi makonni da daina tsiro, don haka ba shi da hannu a ciki. Akwai zubar da ba ta jira haka, kuma ita ce ta masu shan maganin kansa, wanda yake buge ƙwayoyin da ke rabuwa a tsakiyar zangon tsiro, gashin ya zube cikin mako 2 zuwa 3, amma wannan wata hanya ce daban.

Tun da ta zubar da jini wajen haihuwa kuma tana shayarwa, an auna mata yawan jini, da ma'ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, da aikin ɗan naman da ke maƙoshi mai daidaita kuzarin jiki, wato tayirod, domin yana iya rikicewa a watannin bayan haihuwa ya kuma jawo zuba mai kama da wannan. Tayirod ɗin ya fito daidai, sinadarin ƙarfen kuma ya yi ƙasa, sai aka mayar da ita kan ƙwayoyin ƙarin jini. Ba a ba ta wani magani na shafawa a kai ba, domin tushen da ya zubar da tsohon sili a irin wannan yanayi ya riga ya kama hanyar fitar da sabo. Likitan ma ya nuna mata hakan a madubi: a layin goshinta akwai gajerun silai masu siririn baki, waɗanda ba su kai santimita 1 ba, a tsaye.

Ƙorafi na biyu: ina iyakar tsawo take

Tsawon da sili zai iya kaiwa ya dogara ne a kan abu biyu, saurin tsiro da daɗewar zangon tsiro. Idan aka ninka ɗaya da ɗaya an sami iyaka, domin da zarar zangon sauyi ya zo, silin ya gama, kuma wanda zai gaje shi daga sifili zai fara. Adadin da ake yawan ambata shi ne santimita 1 a wata, amma ba kowa ne yake kai wannan ba. Wani bincike da mai nazarin gashi Geneviève Loussouarn ta wallafa a shekarar 2001 a kan matasa 'yan asalin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ya sami matsakaicin tsiro na kimanin milimita 0.26 a rana, idan aka kwatanta da kusan 0.40 a wurin Turawa. Wannan ya kama kusan santimita 0.8 a wata, wato tsakanin 9 da 10 a shekara.

A lamarin matar nan ba a buƙaci wata na'ura ba wajen auna saurin, domin man miƙar da gashi ya riga ya yi mata alama. A kowane sili akwai iyaka bayyananniya tsakanin ɓangaren da aka miƙar da sabon tsiro mai murɗiya da ke ƙasa. Da aka ja sabon tsiron aka miƙe shi a kan ma'auni, ya kai santimita 2.4 a mako 12, wato kusan 0.8 a wata. Hujjar cewa gashinta bai daina tsiro ba ta daɗe a gabanta, tun da abin da ke mayar da ita wurin gyaran gashi duk bayan wata biyu zuwa uku shi ne wannan sabon tsiro. Da wannan sauri, zangon tsiro na shekara 2 zai ba da santimita 19, na shekara 4 zai ba da 38, na shekara 6 kuma kusan 58. Silinta mafi tsawo daga tsakar kai, idan an miƙe shi, santimita 20 ne.

A nan tambaya ta gaskiya ta taso, domin santimita 20 za ta iya zama iyakar halitta ga wadda zangon tsironta shekara 2 ne, kuma akwai masu irin wannan. Abubuwa uku ne suka nuna ba haka lamarinta yake ba. Bakin silanta dogaye duk a karye yake ko a tsage, alhali silin da ya kai ƙarshen wa'adinsa ba tare da an yanke shi ko ya karye ba yana riƙe da siririn bakin da ya fito da shi. Guntayen da ke kan takarda kuma sun fito ne daga ɓangaren da aka miƙar, babu murɗiya a jikinsu. Sannan ita da kanta ta tuna cewa lokacin da take makarantar sakandare, kafin ta fara saka man, idan mahaifiyarta ta ja jelar kitsonta takan sauka ƙasa da kafaɗa sosai. Abin da ke faruwa shi ne tushe yana ƙara kusan santimita 10 a shekara, baki kuma yana rasa kusan santimita 10 a shekara, sai tsawon ya tsaya cik a ido.

Gashi mai murɗiya ya fi saurin shiga wannan hali saboda ƙirarsa. Silin ba zagayayye ba ne, ya ɗan baje, kuma yana lanƙwasa yana juyawa a tsawonsa, kowace lanƙwasa kuma wuri ne mai rauni idan mataji ya ja. Likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta Jami'ar Cape Town da abokan aikinta sun duba gashin da ya fito wajen taza a wani bincike na shekarar 2000, suka tarar da cewa kashi 10 zuwa 16 cikin 100 na silan 'yan Afirka suna ɗauke da ƙulli, abin da kusan babu shi a gashin sauran al'ummomin da aka gwada, kuma yawancinsu karyayyu ne. Man miƙarwa yana aiki ne ta hanyar tsinka igiyoyin da suka ɗaure keratin, don haka duk inda ya taɓa ya rage ƙarfi har abada, kuma idan wajen sabuntawa aka bar shi ya hau kan ɓangaren da aka riga aka miƙar, sai rauni ya hau kan rauni. Ɓangaren da ke santimita 20 daga fata ya haura shekara biyu a duniya, kuma a kanta ya sha man sau da yawa, ga zafin na'urar busarwa, ga taza a bushe. Ya kamata a ƙara da cewa murɗiyar kanta tana ɓoye tsawo, domin gashin da ba a miƙar ba yana iya tsukewa ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa da haka, shi ya sa kowane awo sai an ja silin ya miƙe.

Iyakar halitta kuwa gaskiya ce, kuma jikin mutum guda ya isa ya nuna ta. Gira da gashin ido ba a aske su, amma ba sa sauka kan kunci, domin zangon tsironsu makonni ne zuwa watanni kaɗan, hutunsu kuma ya fi tsiron daɗewa. Cewa agogon yana cikin tushen ne an tabbatar da shi ta hanyar ƙwayar gado mai suna FGF5, wadda take cikin masu ba da umarnin rufe zangon tsiro. A shekarar 1994 an nuna cewa ɓerayen da aka lalata musu ita suna fitar da gashi mai tsawo fiye da kima, kuma a shekarar 2014 an sami wasu iyalai a Pakistan da suke da tawaya a wannan ƙwaya, gashin idonsu ya yi tsawo na ban mamaki. Masu gashin da ke jan ƙasa, irin Xie Qiuping ta ƙasar Sin wadda aka auna nata ya haura mita 5.6 a shekarar 2004, ba su zama ma'auni ga kowa ba. A ɗaya ɓangaren kuma, sanƙon gado yana faruwa ne saboda wani sinadarin maza yana gajarta zangon tsiro zagaye bayan zagaye, tushen yana ƙanƙancewa, har silin ya koma siriri gajere da ido ba ya kamawa.

Wannan ne ya sa aski ba ya canza komai a tsawo ko kauri, ko na wanzami ranar suna ko na babba. Aska tana yanke matacciyar gaɓa ce a saman fata, agogon tushe kuma yana ci gaba daga inda yake, abin da masaniyar ƙirar jikin ɗan Adam Mildred Trotter ta gwada ta tabbatar tun shekarar 1928. Datse bakin da ya tsage yana da amfani, amma amfaninsa shi ne hana tsagar hawa sama, ba ƙara saurin tsiro ba. Haka nan man shanu da man kaɗanya suna da aikinsu na gaske, suna rage bushewa da gogayya, kuma ta haka suna rage karyewa, sai dai ba sa isa inda ake yanke wa'adi. Magungunan da aka tabbatar suna tsawaita zangon tsiro kaɗan ne, sananne a cikinsu shi ne minoksidil, wanda aikinsa yake tsayawa idan an daina shi, kuma ba abin da mai shayarwa za ta ɗauka da kanta ba ne.

Shawarar da aka yanke da yadda ta kaya

An ce mata ta dakatar da man miƙarwa, kuma aka gargaɗe ta cewa mahaɗar sabon tsiro da tsohon ɓangare ita ce wuri mafi rauni, don haka za ta ci gaba da ganin guntaye har sai an datse tsohon a hankali. An ce ta riƙa warware gashin da yatsu ko da mataji mai faɗin haƙora yana da damshi da maiƙo, daga baki zuwa tushe. Batun kitso an yi shi da ƙarfi, domin gefen goshinta ya riga ya yi sako-sako saboda zubar jego, kuma ƙananan kitso masu tsauri suna ɗora nauyi a kan silai kaɗan. An ba ta ma'auni mai sauƙi: kitson da ya sa ciwon kai, ko ya ɗaga fata, ko ya fito da ƙananan ƙuraje a layin goshi, ya yi tsauri, a kwance shi a ranar. Dalilin tsanantawar shi ne zubar jego tana dawowa da kanta, amma ja na shekaru yana iya kashe tushen ya bar tabo, kuma fatar da ta yi sumul tana sheƙi babu ramuka ba ta sake fitar da gashi.

An kuma faɗa mata alamomin da za su sa ta dawo ba tare da jiran ranar da aka ba ta ba: idan zubar ta wuce wata 6 ba ta ragu ba, idan fili zagayayye ya bayyana, idan tsakar kai ta fara buɗewa tare da zafi ko ƙaiƙayi, ko idan ta ga kasala da bugun zuciya da canjin nauyi da ba ta san dalilinsu ba.

Lokacin da jaririn ya kai wata takwas, abin da ke fitowa ranar tsifa ya koma yadda ta saba, gwajin ja ya ba da sili biyu, gajerun silan goshi kuma sun kai kusan santimita 4, duk da cewa sun ƙi kwanciya cikin kitso, abin da ya dame ta har sai da aka bayyana mata cewa su ne magadan waɗanda suka zube. Cikar kan ba za ta koma daidai ba sai bayan shekara ɗaya ko fiye, domin silin da ya fara daga sifili yana buƙatar shekara biyu kafin ya kai santimita 20. Amsar ƙorafinta na biyu kuwa ta fi haka nisa. Iyakarta ta gaskiya ba za ta bayyana ba sai gashin da bai taɓa ganin man miƙarwa ba ya yi cikakken zagaye, wato shekara huɗu ko fiye, don haka aka tsara mata ta riƙa auna sili daga wuri guda a tsakar kai, a miƙe, duk bayan wata uku, tana rubutawa. Idan awon ya ci gaba da hawa ya wuce santimita 20, karyewa ce ta riƙe ta a da. Idan kuma ya tsaya a wani adadi, guntaye sun ragu, silan da ke faɗuwa cikakku ne masu farin ƙulli, to wannan adadi shi ne saurin tsironta ninke da wa'adin tushenta.